Bashi Ko Adashi: Yadda Mai Shagon Gyaran Gashi Za Ta Auna Kafin Ta Sayi Kayan Aiki

Duk mai shagon kitso da lalle ta san ranar da abin yake cin rai. Mace ta shigo ta ce tana son a wanke mata kai, a yi mata sitimin, a busar, sannan a yi kitso. Ke kuma ba ki da sitima, dirayarki ta hannu ce, ga shi an ɗauke wuta. Kina ji kina gani ta juya ta tafi shagon gaba, kuma kitson ma da kika iya a can za a yi mata shi. Daga irin wannan rana ake fara tunanin sayen kaya, tunanin kuwa hanya biyu yake bi: ko a je ƙaramin banki a ci bashi, ko a shiga adashi a jira kwasa.

Ni na bi hanyoyin duka biyu, kuma abin da na fahimta shi ne kowace akwai abin da take karɓa daga hannunki. Bashi yana ba ki kayan yau, ki biya da ƙarin kuɗi. Adashi ba ya ɗora miki ƙari, amma yana karɓar watannin da za ki yi kina jira, kuma a cikin watannin nan kwastomomi suna wucewa. Aikin da ke gabanki shi ne ki mayar da su biyun lissafin naira, ki ga wanne ya fi tsada a naki shagon. Zan bi da ke cikin lissafin da misali guda ɗaya har ƙarshe. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne, ke sai ki sa farashin da kika ji da kunnenki a kasuwa.

Mataki na farko: raba kayan gida biyu

Ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kike son saya, sannan ki tambayi kowane ɗaya: shin akwai aikin da zan karɓi kuɗinsa saboda wannan abin, wanda yanzu ba na iya yi? Sitima tana da amsa. Diraya ta tsaye, wadda ake zama a ƙarƙashinta, tana da amsa. Kwanon wankin kai ma haka. Amma babban madubi, sabon fenti, labule, talabijin da kujerun jira, waɗannan suna ƙawata shago, ba wadda za ta ƙara miki ko naira ɗari saboda su. Kada ki ci bashin ruwa a kansu ko da wasa. Su ne kayan adashi na asali, domin jiransu ba ya jawo miki asarar komai.

Akwai wani abu da mutane suke mantawa a nan, kuma ya karya lissafin mata da yawa, wato wuta. Dirayar hannu mai ƙarfi tana jan wat 1,800 zuwa 2,000, ta tsaye kuma kusan 1,000 ko sama. Ƙaramin janaretan nan na gida, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke su ba, da kin kunna sai ya yi gurnani ya mutu. Saboda haka idan unguwarku wuta ba ta zama, kuɗin janareta babba yana cikin kuɗin diraya. Wadda ta sayi diraya ba ta da abin kunna ta, ta ajiye kuɗinta ne a kusurwar shago yana shan ƙura, ga mai bashi yana zuwa.

Mu ce mai shagonmu tana wata unguwa a Kano, ta je kasuwar Sabon Gari ta tambayo. Diraya ta tsaye naira 130,000, sitima 90,000, janaretan da zai ɗauke su 280,000. Jimla naira 500,000. Ita ce kuɗin da za mu yi ta aunawa.

Mataki na biyu: nawa kayan za su shigo da shi

Nan ne ake yaudarar kai. Mace za ta tuna yadda shago yake cika a jajiberin Sallah, ta ɗauka haka shekara take. Abin da nake ba da shawara shi ne ki yi wata guda kina ƙirga, a bayan littafin shago, duk wadda ta nemi aikin da ba ki da kayansa. Ba wadda kike zaton za ta zo ba, wadda ta zo da ƙafarta ta tambaya kika ce babu.

A misalinmu, wankin kai da sitimin da busarwa naira 4,000 ne. Cire sabulun wankin kai, man sitimin, ruwan da ɗan garuwa ya kawo da fetur, a ce 1,500. Saura 2,500 a kan kowane kai. A sati na yau da kullum ana samun kai takwas, wato naira 20,000. A sati maras ciniki, irin farkon azumi ko satin da ruwan sama ya hana fita, kai uku ne, wato 7,500. Idan wata yana da sati uku masu kyau da ɗaya maras kyau, an tashi da 67,500. Ki ware 7,500 saboda juyen mai da gyaran janareta, domin ba makawa zai nema. Abin da kayan suke kawowa tsakani da Allah naira 60,000 ne a wata.

Riƙe wannan lambar da kyau. Ita ce za ta gaya miki ko kayan za su iya biyan bashin kansu, ita ce kuma kuɗin da kike rasawa a duk watan da kika yi kina jiran adashi.

Mataki na uku: bashin, da abin da ke ƙarƙashinsa

Idan kika shiga ƙaramin banki irin na masu sana'a, abin da za a fara gaya miki shi ne kuɗin ruwa na wata, misali kashi 4 cikin 100. A kunne kamar ba yawa. Tambayar da za ki yi nan take ita ce: a kan ainihin kuɗin da na karɓa ake lissafa shi har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage a kaina? Bambancin ba ƙarami ba ne. A kan naira 500,000 na wata goma, idan a kan ainihin kuɗin ake lissafi, kowane wata ruwan 20,000 ne ko da kin kusa gama biya, jimla 200,000. Idan kuwa a kan ragowar ake yi, kina rage uwar kuɗin da 50,000 duk wata, ruwan gaba ɗaya 110,000 ne. Kashi huɗun ɗaya ne a baki, amma tsakaninsu akwai kuɗin sitima sukutum. Ƙananan bankuna da yawa hanyar farko suke bi, don haka da ita za mu yi lissafi.

Bayan ruwa akwai kuɗin fom da na hidima da na inshora, a ce naira 15,000. Wasu kuma sukan riƙe wani kaso a matsayin ajiyar dole, misali kashi 10, sai kin gama biya a sakar miki. Ke nan kin sa hannu a kan 500,000, amma abin da ya shigo hannunki 435,000 ne, ruwa kuwa a kan 500,000 yake tafiya. Sai kin nemo cikon 65,000 kafin kayan su cika. Na ga wadda ta gano wannan a ranar da kuɗin ya faɗo asusunta, bayan ta riga ta yi ciniki da mai kaya.

To, bashin ya ci naira 215,000, biya kuma 70,000 ne duk wata. Kayan suna kawo 60,000. Ma'ana duk wata sai ta ciro 10,000 daga kuɗin kitso da lalle ta cika. Wannan abu ne mai yiwuwa. Amma da ta karɓi na wata shida don ruwan ya ragu, biyan wata zai haura 103,000, gibin ya wuce 40,000, kuma nan ne ake fara cin jarin shago. Gajeren bashi ya fi arha a jimla, ya fi shaƙe wuya a wata. Idan biyan na sati-sati ne, sai ki duba satin nan maras ciniki: ana bin ki 17,500, kayan sun kawo 7,500. Daga ina sauran za su fito? Idan ba ki da amsa a yau, ranar ma ba za ki samu ba.

Kafin ki sa hannu, ki ce a rubuta miki abu huɗu a takarda: nawa zai shigo hannuna, nawa zan biya gaba ɗaya, me ake ɗorawa idan na makara da kwana uku, kuma idan na biya da wuri za a rage mini ruwa. Ki kuma san nauyin da kike ɗora wa wanda ya tsaya miki. Idan kika gaza, ƙofar yayanki ko mijinki za a buga. A bashin ƙungiya kuwa, inda ake haɗa mata su tsaya wa juna, gazawar wata tana iya faɗowa kanki ko da ke ba ki taɓa makara ba. Bashin manhajar waya kuma ki bar shi gaba ɗaya a wannan harka. Wa'adinsa gajere ne ƙwarai, kayan shago ba sa mayar da kuɗinsu a cikin sati biyu ko wata ɗaya, kuma an sha ganin masu irin wannan bashi suna aika saƙon cin mutunci ga lambobin da ke wayar mutum.

Ga mafi yawanmu akwai maganar da ta riga duk wannan lissafi, ita ce riba ta haram. Idan kin tsaya a kan ba za ki taɓa kuɗin ruwa ba, ƙofar ba ta rufe ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi kayan da kansa, ya sayar miki da ƙarin da aka yanke tun farko, ki biya kaɗan-kaɗan. Farashin ba ya hauhawa bayan an ƙulla. Sai dai ki sani ba kyauta ba ne, ƙarin yana nan, kuma lissafin da muka yi a sama shi za ki yi masa: nawa ne jimla, nawa ne a wata, kayan za su ɗauka ko ba za su ɗauka ba. Sukan so ganin tarihin shige da ficen kuɗi a asusunki, don haka mai karɓar kuɗin kitso a hannu tana zubawa a jaka gara ta fara sakawa a banki tun yanzu. Haka nan idan kin saba da dila a kasuwa, tambaye shi ko zai ba ki kayan ki ba da rabi, ki cika sauran a wata biyu ko uku. Zai ɗan ƙara farashi, amma sau da yawa bai kai na banki ba.

Mataki na huɗu: adashin, da lambar da za ki samu

Mu ce akwai adashin mutum goma, zubi naira 50,000 duk wata, kwasa 500,000. A wasu wuraren uwar adashi tana cire ɗan ladanta, a wasu kuma ita take kwasar farko a madadin haka. Ki tambaya tun kafin ki shiga.

Mutane suna cewa adashi ba shi da tsada, amma wannan ya danganta da lambarki. Wadda ta kwasa ta biyu ta zuba 100,000 ne kawai ta karɓi 500,000, wato 'yan'uwanta sun ranta mata 400,000 ba ƙarin ko kwabo. Babu bankin da zai yi mata haka. Wadda ta zo ta tara kuwa ita ce mai ba da rancen, wata tara tana ɗaukar nauyin wasu. A cikin watannin nan tara, 60,000 ɗin da kayan za su riƙa kawowa bai shigo ba, jimla 540,000. Kin ga adashin da aka ce ba shi da ruwa ya fi bashin 215,000 tsada nesa ba kusa ba.

Ga yadda za ki gane inda sikelin yake juyawa. Raba abin da bashi zai ci da abin da kayan ke kawowa a wata. A nan 215,000 a raba da 60,000, ya ba da wata uku da rabi da ɗan ɗori. Idan za ki kwasa a cikin ukun farko, adashi ya fi. Ta huɗu, kusan kunnen doki ne, kuma ni a nan adashi zan zaɓa saboda kwanciyar hankali. Daga ta biyar zuwa sama, a takarda bashin ne ya fi sauƙi. Amma lura, idan ƙirgar da kika yi a mataki na biyu ta nuna kayan 20,000 kawai za su kawo a wata, amsar ta koma sama da wata goma, wato ko ke ce ta ƙarshe adashi ya fi miki, bashi kuwa zai ci ki.

Sai kuma hauhawar farashi, wadda take cin na ƙarshe a ɓoye. Kayan shagonmu kusan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wadda ta shiga adashi a wancan lokaci da niyyar sayen janareta, ta zo kwasa ta tarar kuɗin ba ya kaiwa. Don haka idan lambarki ta yi nisa, kada ki ɗauka 500,000 ɗin yau ita ce ta ranar kwasa.

Wani bambanci da ba a cika faɗa ba: zubin adashi kafin ki kwasa daga kuɗin kitso da lalle zai fito kacokan, domin kayan ba su iso ba balle su taimaka. Shagonki yana iya fitar da 50,000 duk wata ba tare da an taɓa kuɗin haya da na cefane ba? Idan ba zai iya ba, wannan adashin ya fi ƙarfinki, nemi ƙarami. Fashin zubi a adashi ba tara ake ci ba, mutunci yake ci, kuma a unguwa labari ba ya kwana.

Game da amana, ni ma na taɓa ƙonewa. Na shiga wani adashi ina ta takwas, ashe mutum ɗaya tana da hannu uku a ciki da sunaye daban-daban, duk a farko. Ta kwashe ta daina zubi, aka yi ta kai ruwa rana, kuɗina suka dawo guntu-guntu a cikin kusan shekara, ban iya sayen komai da su ba. Tun daga nan ba na shiga sai na san mutum nawa ne na gaske, wa ke da hannu fiye da ɗaya, da me kowacce take sana'a. Nakan tambayi uwar adashi kai tsaye: idan wata ta gaza, ke za ki cika ko jira za mu yi? Nakan nemi a rubuta jerin kwasa da ranaku kowa ya gani, zubi kuma ta asusun banki domin shaida ta zauna. Adashin da ya zagaya sau biyu ko uku lafiya da mutanen da suka san gidan juna ya fi sabo. Na WhatsApp da ba ki taɓa ganin fuskar kowa ba, kada ki sa kuɗin kayan shagonki a ciki.

Neman lambar gaba kuwa ba abin kunya ba ne. Ki je wurin uwar adashi ki ce, Hajiya, kayan aiki zan saya, ga takardar farashin, ina roƙon a sa ni cikin ukun farko. Masu tara kuɗin biki ko kayan ɗakin 'ya sau da yawa sun fi son ƙarshe, musaya da su tana yiwuwa cikin daɗin rai. Sai dai sabuwar shiga ba kasafai ake ba ta gaba ba, kuma suna da gaskiya. Idan wata ta ce sai kin ba ta wani abu kafin ta bar miki lambarta, tsaya ki tambayi malami tukuna, domin ƙari a kan rance ne ya shigo ta bayan gida.

Mataki na biyar: lokacin shekara

Cinikinmu yana da kaka yana da rani. Bukukuwa suna yin yawa a watannin da ke gaban azumi, farkon azumi shago yakan yi tsit, goman ƙarshe kuma ba wurin zama, haka ma gab da Babbar Sallah. Mafi munin lokacin karɓar bashi shi ne sati ɗaya kafin azumi, domin biyan farko zai same ki a lokacin da ba kowa. Mafi kyau shi ne kayan su iso wata biyu kafin cunkoso, ki saba da su, unguwa ta san kina da su. Abin da kika samu a satin Sallah kuma kada ki ɗauke shi riba, ki ajiye shi ya rufe gibin satuttukan da za su biyo baya. A adashi ma haka, ki ƙirga watan da lambarki za ta faɗo. Ta huɗu da za ta zo kafin watan Sha'aban ta fi ta uku a wani adashin idan ta faɗo bayan an gama shagulgula.

Abin da zan yi in ni ce ita

Zan fara neman lamba cikin huɗun farko. In na samu, magana ta ƙare, ba zan kusanci banki ba. Da kayan sun iso, 60,000 ɗinsu zai riƙa biyan zubin 50,000, kuɗin kitso ya huta.

In ban samu ba, ba zan yi tsalle zuwa bashin 500,000 ba. Zan rarraba sayayyar. Sitima ce mafi arha a cikinsu, ba ta jan wuta kamar diraya, kuma ita ce ke kawo sabon aikin da ake biya. Ƙaramin adashin sati, mutum goma a kan 10,000, yana ba da 100,000, kuma ko ke ce ta ƙarshe bai wuce sati goma ba. In saye ta, in riƙa sa masu sitimin a lokacin da aka saba kawo wuta, in ƙirga da idona kai nawa ke zuwa. Bayan wata biyu lambar da nake lissafi da ita ta tashi daga hasashe ta zama abin da ke rubuce a littafi. A lokacin ne zan duba ko murabaha ko bashin dila a kan janareta da diraya, wanda ya ragu zuwa 410,000, kuma sitimar tana taya ni biya. Abin da ba zan yi ba shi ne haɗa babban adashi da babban bashi a lokaci guda, 50,000 nan 70,000 can, a shagon da kujera biyu ce. Masu yin haka sukan ƙare da kwasar adashi su biya banki, kayan da aka yi niyya kuma ba a saya ba.

Ranar da kuɗin ya shigo, ko ta wace hanya, kada ya kwana uku a hannunki, domin a ranar ne za a tuna ana bin ki gudummawar biki, wani kuma ba shi da lafiya. Ki riga ki gama ciniki tun kafin ranar. Ki tafi kasuwa da mai gyaran wuta da kika yarda da shi, a kunna dirayar a gabanki ta yi minti goma tana aiki, a zuba wa sitimar ruwa ki ga tururi ya fito, a tayar da janaretan a jona masa su biyun tare ki ji ko muryarsa za ta canja. Ki karɓi rasit mai sunan shago da lambar waya, a rubuta a jikinsa kwana nawa aka ba ki ki dawo da kaya idan suka ba da matsala.